"Ya ƙare, sai ranar 20 ga wata": daga ina mai kaya ke samo wannan ranar?

Duk mai bin shafukan masu sayar da abaya, turare, takalma ko kayan kicin a Instagram da WhatsApp ya saba ganin hoton kayan da ake rububi a kai, a ƙasansa an rubuta: "Alhamdulillah ya ƙare, wani na nan tafe kwanan nan in sha Allah." Rubutun gajere ne, mai shi ba ta ɓata minti guda wajen yin sa ba, amma shi ke jawo mata yawancin rigimar da za ta sha a makonni biyu masu zuwa. Matsalar tana cikin "kwanan nan". Mai saye ta karanta shi a matsayin jibi, mai kaya kuwa tana nufin duk ranar da ejan da ke mata jigilar kaya daga waje ya kira ta. Idan ta gyara ta sa takamaimiyar rana, wata matsalar ce ke fitowa, domin yawanci ranar da dillalinta na ƙasar waje ya faɗa mata take kwafowa, wadda ba ita ce ranar da kaya za su shiga hannun mai saye ba. Saboda haka aikin wannan sanarwa kusan duk lissafi ne da ake yi kafin a taɓa waya.

Kafin lissafin, sai mai kaya ta fara gaya wa kanta gaskiya game da irin ƙarewar da kayan suka yi, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai kayan da suka ƙare a shagonta amma suna jibge a wurin babban dila a Kantin Kwari ko Kasuwar Wambai. Wannan gobe ma za ta iya sarowa, kuma ba ya buƙatar doguwar sanarwa. Akwai waɗanda suka ƙare har a wurin dilan, sai an ɗinka ko an ƙera sababbi a Dubai ko Guangzhou. Akwai kuma waɗanda ba za su dawo ba sam, domin yadin da aka yi su da shi ya ƙare a kamfani, abin da zai zo mai kama da shi ne kawai. Masu atamfa da leshi sun san wannan sosai: zane ɗaya ne, amma bugu na biyu kan fito da ɗan bambancin kala, kuma matar da ta riga ta saya wa ƙawayen amarya rabin anko za ta gane bambancin tun daga nesa. Wadda ta rubuta "zai dawo" alhali mai kama da shi ne zai zo, ta ɗauki alkawarin da ba za ta iya cikawa ba ko da kayan sun iso a kan lokaci.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Kwanakin kalandar na gaske ne, amma 'yar kasuwar da adadin kayanta ƙaddarawa ce don a ga yadda lissafin ke tafiya. A 2025 an ɗauki azumi a Najeriya ranar Asabar 1 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Mu ɗauka wata mai sayar da abaya a Kano tana da wata baƙar abaya mai aikin duwatsu a hannu wadda ta karɓu, kuma ranar Litinin 3 ga Maris ta sayar da ta ƙarshe a sayiz 54 da 56, waɗanda su aka fi nema. Sayiz 58 da 60 suna nan saura kaɗan. Ta tura wa mai ɗinkinta na Dubai saƙo, ya ce zai haɗa mata guda 60 cikin kwana biyar. A nan ne mutane da yawa ke ɗaukar waya su rubuta "sai ranar Asabar", domin 3 a tara da 5 ya ba da 8.

Ranar 8 ga Maris ita ce ranar da abaya za ta sauka daga kan keken ɗinki, in ma mai ɗinkin ya cika alkawari a watan da kowa ke masa oda. Daga nan sai a kai kayan ofishin kago, a auna su a kilo, su jira. Masu kago ba sa tayar da kayan mutum ɗaya. Suna tara na mutane da yawa ne su tura a ranakun da suka saba. In ejan ɗinta ranar Talata yake lodi, kayan da suka shiga ofishinsa ranar Asabar za su kwana uku a ajiye, su tashi ranar 11. Idan kuwa mai ɗinki ya makara har zuwa yammacin Talatar, an yi asarar mako guda cur. Wannan ce gaɓar da ta fi karya alkawari, kuma ita ce wadda masu kaya suka fi mantawa su tambaya. Tambayar da ya kamata a yi wa ejan ita ce ranar da yake rufe karɓar kaya da ranar da yake lodi, domin "kwana nawa kaya ke yi a hanya" amsarta daga ranar tashi take farawa.

Bayan tashi sai sauka da fitarwa daga hannun kwastam. A ba wannan kwana huɗu, ya kai mu Asabar 15 ga wata. A nan ma akwai tambaya: a filin jirgin Malam Aminu Kano kayan za su sauka, ko a Legas za a fitar da su sannan a ɗoro su a mota? Idan ta Legas ne, sai a ƙara kwana biyu ko uku na hanya. Mu ce nata a Kano suke sauka. Ranar Lahadi ba lallai ta samu ofishin ejan a buɗe ba, don haka ranar Litinin 17 za ta karɓo. Ranar kuma ba ranar sayarwa ba ce. Sai an kwance ƙunshi, an ƙirga, an raba sayiz, an duba waɗanda duwatsunsu suka zube ko aka yi musu karkataccen ɗinki, an goge, an sa a leda. Yini guda ke nan ga mai 'yar taimako, ya zama Talata 18. Idan aka ɗora kwana biyu na ko-ta-kwana, an isa Alhamis 20 ga Maris. Tsakanin ranar da ta so ta rubuta da farko da ranar da lissafi ya bayar akwai kwana goma sha biyu, kuma babu wanda ya yi mata ƙarya a cikin duk waɗanda ta yi hulɗa da su. Kowa nasa ɓangaren kawai ya faɗa.

Wasu za su ce kwana biyun ko-ta-kwana ya yi kaɗan, kuma suna da hujja. Yawansa ya danganta da abin da ejan ya saba yi. Mai kayan da ta yi oda sau da yawa ta hannun mutum ɗaya tana da tarihinsa a cikin hirarsu ta WhatsApp: ranar da ya ce kaya sun tashi da ranar da ya ce a zo a ɗauka duk suna nan a rubuce. Ta duba oda biyar na baya, ta yi lissafi da wanda ya fi daɗewa a cikinsu, ba da matsakaicinsu ba. A ganina kuma, kada a sa rana a fili sai an ga shaidar cewa kaya sun shiga hannun kago, wato rasit ko hoton ƙunshi da sunanta a jiki. Kafin nan abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne mako: "muna sa ran mako na uku na azumi, za mu sanar da ranar da zarar kaya sun taso."

Ga masu odar Chaina lissafin ya fi haka tsawo, kuma yana da wani rami na kansa. Kayan da suka biyo jirgin ruwa zuwa tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas maganar wata biyu ake yi ko fiye kafin su iso Arewa, ba maganar makonni ba. Sannan akwai hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda a 2025 ya faɗo ranar 29 ga Janairu. Hutun gwamnati kusan mako guda ne, amma ma'aikatan masana'antu kan tafi garuruwansu tun kafin ranar, kuma aiki ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Wanda takalman Sallarsa suka ƙare a tsakiyar Janairun wannan shekarar, ya kuma yi niyyar kawo wasu ta ruwa, babu ranar gaskiya da zai iya rubutawa wadda ta zo kafin 30 ga Maris. Ko dai ya biya kuɗin jirgin sama farashi ya tashi, ko ya fito ya ce sai bayan Sallah. Akwai wani hutun kuma na mako guda a farkon Oktoba, wanda ke shafar masu shirin kayan ƙarshen shekara.

Yanzu da aka samu rana, ga yadda sanarwar mai abayar za ta iya kasancewa:

"Baƙar abaya mai duwatsu, sayiz 54 da 56 sun ƙare. Za su dawo Alhamis 20 ga Maris in sha Allah. Sayiz 58 da 60 suna nan yanzu. Guda 60 ne ke tafe, kala da yadi iri ɗaya da na hoton. Za mu tabbatar da farashi ranar da suka iso. Mai so ta turo suna da sayiz ta WhatsApp mu rubuta ta a layi, ba sai ta biya komai ba."

Jimloli biyun farko su ne suka ɗauki nauyin duka, kuma da gangan aka sa su a gaba. Instagram kan yanke rubutun ƙasan hoto bayan layi ɗaya ko biyu, sai wanda ya danna ne zai ga sauran, kuma yawancin masu wucewa ba sa dannawa. Idan godiya ga Allah da godiya ga kwastomomi suka cinye layin farko, mai wucewa za ta ga hoton abaya mai kyau kawai, ta shigo akwatin saƙo tana tambayar nawa ne. Godiya tana da wurinta, a ƙasa. Shi ya sa ma ya fi kyau a rubuta ranar a jikin hoton kansa, domin hoton ne ake ɗauka a tura wa 'yar'uwa ko a sa a guruf, rubutun ƙasa ba ya bin sa.

An haɗa sunan rana da kwanan wata ne saboda dalili. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, amma abin da aka wallafa a shafi yana nan har sai an goge shi. Wadda ta ci karo da "sai Alhamis mai zuwa" bayan kwana tara ba ta san wace Alhamis ake nufi ba. Haka nan "20 ga wata" shi kaɗai a cikin azumi yana iya rikita mutane, don da yawa kwanakin azumi suke ƙirgawa. A 2025 an yi dace 20 ga Ramadan ta zo daidai da 20 ga Maris a Najeriya, amma a yawancin shekaru ba haka ba ne, don haka a ambaci sunan watan. Shi kuma "in sha Allah" wurinsa bayan ranar ne, yana rakiyarta. Abin da ya ɓata shi a kasuwar waya shi ne masu sa shi a gurbin ranar, har ta kai wasu masu saye in suka ji shi ba tare da kwanan wata ba sai su ɗauka an sallame su ne cikin ladabi.

Ambaton sayiz ɗin da suka rage ciniki ne kai tsaye: doguwar mace mai sa 58 ba ta da dalilin jira, amma in aka ce "ya ƙare" kawai, ita ma ta wuce. Ambaton adadi kuwa kariya ne. Idan mutum 45 suka rubuta suna a kan guda 60, mai kaya ta san saura 15 za ta fitar a fili ranar 20, kuma tana iya ƙara oda tun kafin na farko su iso. In sunaye suka haura 60, sai ta rufe layi ta faɗa, maimakon ranar isowa ta zama ranar ba mutane haƙuri.

Maganar farashi ita ce inda 'yan kasuwa suka kasu biyu. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma duk mai odar waje ya ga yadda kuɗin kaya da na kilo ke canzawa tsakanin oda da isowa. Idan mai abayar ta riga ta biya mai ɗinki kuma ta san kuɗin kilo, babu abin da zai hana ta rubuta farashi, hakan ma ya fi jawo mutane. Idan kuwa sai kaya sun sauka ejan zai yanka mata kuɗinsa, gara ta ce za a tabbatar ranar isowa. Abin da ba ya kyau shi ne yin shiru, domin shiru a wurin mai saye yana nufin tsohon farashi, kuma ranar da aka ce mata an ƙara dubu biyar za ta ga kamar an ja ta ne har Sallah ta matso don a matse ta.

Sai babbar magana, wato karɓar kuɗi kafin kaya su zo. Rubuta suna a layi ba ciniki ba ne. Kowa na iya fasawa. Amma da zarar an ce "ki tura kuɗi a ajiye miki", an shiga wani babi da malaman fiƙihu suka daɗe da yi wa iyaka. Akwai hadisin Hakim ɗan Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, sannan akwai rangwamen da aka yi na cinikin salam, inda ake biya yanzu a karɓi kaya daga baya. Sharaɗinsa, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas, shi ne a san ma'auni, a san nauyi, a kuma san lokacin da za a bayar. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, ana so a biya kuɗin gaba ɗaya a lokacin ƙulla ciniki ko cikin kwana uku, a kuma siffanta kayan yadda ba za a yi gardama ba. Ma'anar wannan ga mai abaya ita ce, in za ta karɓi kuɗi, "kwanan nan" ba ya isa, kuma "za mu tabbatar da farashi daga baya" ba ya isa. Dole ne rana ta fito, farashi ya tsaya, kala da yadi da sayiz su tabbata. Hukuncin biyan rabi ko kafin alƙalami, da kuma bambancin kayan da za a ɗinka da waɗanda za a saro, abu ne da ya kamata ta zauna da malami a kai gwargwadon yadda take gudanar da nata cinikin. Ta fuskar kasuwa zalla ma, wadda ta karɓi kuɗin mutum 40 ta ɗora wa kanta bashin mutum 40, kuma in ta juya kuɗin ta biya mai ɗinki da su, ba ta da abin mayarwa ranar da aka ce a mayar. Shi ya sa duk sanarwar da ke neman kuɗi ya kamata ta ƙunshi jimla ɗaya a kan abin da zai faru in rana ta wuce: za a mayar da kuɗi cikin kwana kaza ga duk wadda ta nema.

Mai saye ma tana iya karanta sanarwar ta gane inda aka dosa. Shafin da kullum kayansa "sun ƙare" cikin awa guda, amma in ka shiga akwatin saƙo sai a ce akwai guda ɗaya da aka ajiye wa wata ba ta zo ba, yana amfani da ƙarewar ne a matsayin talla. Dabarar tana aiki sau ɗaya ko biyu, daga nan mutane su daina gaskata shi ko da kayan sun ƙare da gaske. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne shafin da ke matsa wa mutane su biya yau, ba ya faɗin rana, ya rufe wurin sharhi, kuma duk hotunansa na kamfani ne, babu ko ɗaya da aka ɗauka a shago ko a hannun mai shi. Tambaya ɗaya kan warware zance: kayan sun taso ne ko ba a gama haɗa su ba? Mai kaya na gaskiya tana da amsa nan take.

To, idan duk da lissafin nan rana ta kuskure fa? Mu ce ranar Asabar 15 ejan ya kira mai abayar ya ce kayan ba su samu shiga lodin ranar 11 ba, sai na ranar 18. Ta sake bin matakan nan: tashi 18, fitarwa 22, karɓowa Litinin 24, shiryawa 25, da kwana biyun ko-ta-kwana ya zama Alhamis 27, kwana uku kafin Sallah. Ranar 15 ɗin ce ranar da za ta yi magana, kada ta jira ranar 20 mutane su fara tambaya. Waɗanda ke layi su za ta fara tura wa saƙo ɗaya bayan ɗaya, kafin ta sa a shafi, musamman waɗanda suka biya. A kula cewa saƙon da aka tura ta jerin watsawa na WhatsApp ba ya isa ga wanda bai adana lambar mai turawa ba, don haka kada ta ɗauka kowa ya gani. Saƙon ya faɗi tsohuwar rana, sabuwar rana, dalili a jimla ɗaya, da zaɓi: a jira, a canza da wata abayar da ke ƙasa, ko a karɓi kuɗi. Ta kuma gyara tsohon rubutun da ke shafi, ta sauya hoton da ke ɗauke da 20 ga Maris, don kada ya ci gaba da yawo.

Sabuwar ranar kuma ba ɗaya take ga kowa ba. Wadda ke cikin Kano za ta iya aiko ɗan sahu ya karɓa ranar 27 ta sa abayarta ranar idi. Wadda ke Maiduguri, Sakkwato ko Damagaram sai an kai tasha an ba direba, a makon da motoci ke cike da masu tafiya gida Sallah, kuma kwana ɗaya ko biyun da saƙo ya saba yi yana iya zama uku. Waɗannan ya kamata a gaya musu a fili cewa ba a da tabbacin kayan za su riske su kafin Sallah, a bar su su yanke shawara tun ranar 15, lokacin da suke da sauran mako biyu su nemi wata a garinsu ko su kai wa tela ɗinki.